Jiya Ƙawa, Yau Incaj: Yadda Rosta Ke Raba Zumunci a Ɗakin Jinya

Ranar Litinin ta farko da wata nas ta shigo a matsayin incaj ta ɗakin kwantar da mata, ta tarar da su huɗu a teburin nas-nas ana ta shewa a kan wani ankon biki. Ta yi sallama, aka amsa, sai kowacce ta jawo fayil ta duƙufa a kai. Ɗaya daga cikinsu, wadda suka shekara shida suna cin abinci a kwano ɗaya a dutin dare, ta ɗago kai ta ce, "Ranki ya daɗe, an shigo lafiya?" Aka ɗan yi dariya. Ita ma ta yi, don ba ta da abin cewa, amma har ta zauna a ɗan ofishin da aka ba ta tana jujjuya maganar a ranta: wasa ne wannan ko habaici?

Duk wanda ta kai wa kukanta amsa ɗaya zai ba ta: hassada ce, ki share su, ai hassada ga mai rabo taki ce. Amsar tana da daɗin ji, kuma tana hutar da mutum daga tunani. Amma ni dai ban yarda ita ce gundarin lamarin ba. Akwai hassada a wasu lokutan, ba na musu. Sai dai mafi yawan tsamin da ke shiga tsakanin sabon shugaba da abokan aikinsa na jiya yana fitowa ne daga abubuwan da za a iya ƙirgawa da yatsa: aikin da ya ƙaru a kan waɗanda aka bari, bashin alherin da ba a gama biya ba, da kuma asiran juna da kowa ke riƙe da su. Ɗakin jinya wuri ne mai kyau na ganin haka, domin a can duk rigimar tana taruwa a kan takarda guda da ake liƙawa a bango, wato rosta, jadawalin da ke nuna dutin kowa.

Sai an fara fahimtar mene ne muƙamin kansa. A asibitocin gwamnati, zama incaj na ɗaki ba ƙarin girma ba ne irin wanda ke canja matakin albashi. Aiki ne da shugabar ma'aikatan jinya ta asibiti ke ɗora wa mutum. Albashinta yana nan inda yake, ba ita ke biyan kowa ba, ba ta iya ɗaukar ma'aikaci, ba ta iya korarsa, ba ta iya ƙara masa mataki. Amma idan magani ya ɓace, ko majinyaciya ta faɗo daga gado, ko aka wayi gari ba a yi wa wata allurar dare ba, ita za a fara kira. Tun a 1959 wasu masana halayyar jama'a biyu, John French da Bertram Raven, suka rarrabe hanyoyin da mutum ke samun iko a kan wasu, kuma rarrabewar tasu ta dace da wannan hali. Akwai ikon da muƙami ke bayarwa, akwai na iya saka wa mutum da alheri ko hukunta shi, akwai na ƙwarewa, akwai kuma na ƙauna, inda ake bin ka don ana son ka. Jiya wannan baiwar Allah tana da na ƙwarewa da na ƙauna. Yau an ba ta na muƙami, ba a haɗa mata da na lada ko na hukunci sosai ba, kuma na ƙaunar ya fara zubewa tun ranar da aka sanar. Abin da ya rage a hannunta da zai iya daɗaɗa wa mutum ko ya ƙuntata masa shi ne rostar nan, sai fom ɗin APER na auna ƙwazon ma'aikaci a ƙarshen shekara, a wuraren da har yanzu ake cika shi. Shi ya sa kowa ya zuba wa alƙalaminta ido.

Mu duba lissafin ɗakin, domin a nan ne mutane ba sa tsayawa su duba. Kafin tsohuwar incaj ta yi ritaya, nas goma sha ɗaya ne ke juya duti, har da ita wannan da aka ɗaga. Tsarinsu irin wanda aka saba gani ne a asibitoci da yawa: mutum biyu su yi mako guda suna dutin dare, sannan su yi mako guda suna hutawa. A cikin mako huɗu ke nan ana buƙatar mutum takwas su yi dare, uku su tsira a wannan zagayen. Da aka mayar da ita incaj ta koma dutin safe kawai, kuma ba a kawo kowa a gurbinta ba, don ba a ɗaukar sababbi yadda ya kamata, waɗanda suka ƙware kuma suna ta tafiya Saudiyya da Birtaniya. Saura goma. Wata kuma ta tafi hutun haihuwa. Saura tara. Yanzu a kowane zagaye mutum ɗaya tak ke tsira daga dare. A kowane mako biyu suna dare, biyu suna hutun bayan dare, biyar ne kaɗai suka rage su riƙe safe da yamma kwana bakwai, alhali a da bakwai ne. Dutin safe da mutum uku ke yi ya koma na mutum biyu, kuma ranakun hutu sun ragu.

To ka ga wadda ta ce "tun da ta hau muka shiga uku" ba ƙarya ta yi ba. Aikinta ya ƙaru da gaske, kuma ya ƙaru ne a watan da ƙawarta ta daina kwana a asibiti. Ba incaj ce ta jawo ba, amma da rubutun hannunta aka ga abin a bango. Idan ita kuma ta ɗauki wannan gunaguni a matsayin baƙin ciki da ci gabanta, ta yi kuskuren karatu tun daga layin farko, kuma duk matakin da za ta ɗauka a kai zai zo a karkace.

Sai batun bashi, wanda ya fi lissafin rosta wuyar sha'ani. Tsakanin abokan aiki da suke daidai da juna, alheri yawo yake yi ba tare da an rubuta ba. Na riƙe miki dare uku lokacin da mahaifiyarki ke kwance, kin tsaya mini ranar sunan ƙanwata, na sa miki hannu a rajistar zuwa aiki ranar da Keke Napep ya lalace da ke a hanya. Ba wanda ke cewa a biya shi, domin kowa ya san gobe ma rana ce kuma abin da za a rama da shi iri ɗaya ne. Ranar da ɗaya ta zama incaj, kuɗin da ake biyan bashin da shi ya canja. Yanzu tana iya biya da abin da ya fi dare uku daraja, kamar hutun Sallah ko kau da kai daga makara. Mai bin bashin ta san haka, kuma a ganinta ba roƙo take yi ba, haƙƙinta take nema. Matsalar ita ce rostar ba dukiyar incaj ba ce. Duk daren da ta ɗauke wa ƙawarta, a kan wata zai sauka, kuma waccan ɗin tana da idanu.

Ga kuma asiri. Hausawa suka ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Waɗannan mata sun san ita ma takan iso takwas da rabi ta rubuta takwas saura biyar. Sun san wace ce ke shimfiɗa zane a ɗakin canja kaya bayan ƙarfe biyu na dare. Sun ji da kunnensu abin da take faɗa game da tsohuwar incaj a bayan idonta. Ita ma ta san nasu, kuma wannan sanin, wanda jiya shi ne igiyar amincinsu, yau ya zama abin tsoro, tunda mai riƙe da shi ce za ta rubuta rahoto a kansu. Shirun da aka yi da ta shigo ranar Litinin, rabinsa daga nan yake. Ba lallai ƙiyayya ba ce. Mutane ne ke auna abin da ya kamata su ci gaba da faɗa a gabanta. Haka ma idan ta gano an buɗe wani zauren WhatsApp ba da ita ba. Yana da ciwo, amma duk ma'aikata suna buƙatar inda za su yi gulmar shugaba, ita ma ta ci moriyar irinsa a zamanin wadda ta gada.

Daga nan sabon shugaba yakan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Na farko shi ne na nuna "ban canja ba": ta ce wa kowa to, ta riƙa cike gurbin duk wadda ba ta zo ba da kanta, ta haɗiye maganar da ya kamata ta faɗa. Cikin wata biyu masu zuwa a kan lokaci sun gane cewa makara ba ta da farashi, su ma sun saki jiki, ita kuma ta gaji ta fara jin haushin kowa. Na biyu shi ne na ɗaure fuska daga ranar farko, a daina gaisawa yadda aka saba, a fara barazanar takardar tuhuma a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Abin da na fi gani shi ne a faɗa duka biyun bi da bi: wata uku ana lallashi, rana ɗaya a fashe a gaban majinyata. Wannan fashewar ita ce za a riƙa ba da labarinta shekara da shekaru, a manta da wata ukun.

Yana da kyau a faɗi cewa ba laifinta ba ne ita kaɗai. An zaɓe ta ne don ta iya jinya, hannunta yana samun jijiya a inda wasu suka kasa, takardunta tsaf. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke koya wa mutum yadda zai ce wa ƙawarsa a'a. Wani bincike da masana tattalin arziki uku, Alan Benson da Danielle Li da Kelly Shue, suka wallafa a 2019 a kan ma'aikatan tallace-tallace a kamfanonin Amurka ya nuna haka ƙarara: kamfanoni sun fi ɗaga wanda ya fi kowa iya sayarwa, alhali iya sayarwar ba ya nuna zai iya riƙe mutane, sau da yawa ma akasin haka ake gani. Jinya ba talla ba ce, amma ɗabi'ar masu naɗin iri ɗaya ce.

Yanzu mu koma ɗakin, mu ga yadda abin ya kaya da Babbar Sallah ta matso, wata biyu bayan naɗinta.

Ranar Sallah ɗakin yana buƙatar mutum shida: biyu safe, biyu yamma, biyu dare. A cikin taran, biyu Kiristoci ne, kuma bisa al'adar da aka daɗe ana yi su sukan ɗauki safiyar Sallah, a rama musu da Kirsimeti. Saura gurbi huɗu a kan mutum bakwai, uku ke nan za su yi Sallah a gida. Wanda ya san aikin ya san cewa rigimar ba a kan ranar Sallar take ba, a kan makon da ya gabace ta ne, domin duk wadda aka sa dare a wannan makon, hutunta zai faɗo daidai kan bikin gaba ɗaya. Shi ne lokaci ɗaya a shekara da ake rububin dutin dare. Mutum biyar suka same ta a ɓoye, kowacce da uzurinta, kuma duk uzurin na gaskiya ne: wannan za ta kai yara garinsu, waccan surukarta ce ba lafiya. Ƙawar tata ba ta ma kawo uzuri ba. A bakin famfo ta ce mata, "Ke dai kin san abin da ya kamata," ta wuce.

Abin da ta yi, bayan ta kwana biyu ba barci, shi ne ta buɗe kabad ta zaro rostocin shekara biyu da suka wuce, Sallah huɗu ke nan, ƙanana biyu manya biyu. Ta ja layi a takarda, sunan kowa da adadin Sallar da ta yi a gida. Sai ga shi ƙawar ta samu uku cikin huɗu, ɗaya ma ita incaj ɗin ce ta yi mata musanya da kanta a lokacin. Akwai wata ƙaramar nas, marar yawan magana, da ba ta samu ko ɗaya ba, kuma ba ta cikin waɗanda suka zo roƙo. Wannan ma abin lura ne: idan ana rabo ta hanyar roƙo a ɓoye, masu kunya da sababbi su ne ke biyan kuɗin zumuncin manya.

Ba ta liƙa rostar kai tsaye ba. Ta fara zuwa wurin babbar cikinsu, wadda ta girme ta da shekara tara a aiki kuma kowa ya ɗauka ita za a ba. An tsallake ta ne saboda takarda: ita ta makarantar koyon jinya ta fito, wannan kuwa ta ƙaro digiri, kuma a tsarin aikin gwamnati digirin yana buɗe ƙofofin sama da ɗayar takardar ba ta buɗewa. Ta same ta ita kaɗai bayan an gama zagayen likita, ta ce, "Anti, na san ke kika koya mini yadda ake karɓar ɗaki, kuma na san abin da aka yi bai yi miki daɗi ba. Ban zo in ba ki haƙuri a kan abin da ba ni na yanke ba. Na zo ki duba mini wannan kafin kowa ya gani, ko akwai inda na haɗa waɗanda bai kamata su kwana tare ba." Antin ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta nuna mako na uku ta ce, "Waɗannan biyun duk yara ne. Idan aka kawo mai jijjiga ƙarfe uku na dare wa zai tsaya?" Gaskiya ta faɗa, aka gyara.

A lura da abin da ta nema da abin da ba ta nema ba. Shawara ta nema a kan haɗin ma'aikata, fannin da Antin ta fi ta sani. Ba ta ce "ki amince mini" ba, domin da ta faɗi haka ta mayar da kanta mai riƙon ƙwarya, kuma gobe sai an jira sa hannun Anti kafin a bi umarninta. Daga baya ta damƙa mata kula da ɗaliban jinya da ake turowa ɗakin, aiki mai suna wanda kowa ke gani. Kuma ba ta daina ce mata Anti ba, ba ta daina fara gaishe ta ba. Girman shekaru da girman kujera abu biyu ne, kuma a wurinmu wanda ya nemi kujera ta shafe shekaru ya jawo wa kansa raini, ba kwarjini ba.

Sannan ta tara su minti goma sha biyar a lokacin miƙa duti na rana, lokacin da masu safe da masu yamma ke haɗuwa. Ta nuna lissafin yadda yake: da muna sha ɗaya, yanzu muna tara, ga abin da hakan ya jawo, kuma na rubuta wa ofishin shugabar ma'aikatan jinya ina neman a cike gurbi, ga kwafin takardar. Ta ajiye jadawalin Sallolin baya a kan tebur, ta ce ukun da suka fi ƙarancin samu su ne za su huta bana, kuma haka za a ci gaba da juyawa har Kirsimeti. Musanya tana nan, amma a rubuce a littafi, da sa hannun mutum biyun, kwana ɗaya kafin ranar, kuma ba za a yarda da musanyar da za ta bar ƙananan ma'aikata biyu su kaɗai da dare ba. Daga ƙarshe ta faɗi abin da kowa ke jira ya ga ko za ta iya faɗa: "Kun san ni ma ina makara, kun san abin da nake rubutawa a rajista. Ba zan yi kamar ban yi ba. Abin da ya wuce ba zan tono wa kowa ba, nawa da naku. Daga ɗaya ga wata kuwa abin da agogo ya nuna shi za a rubuta, har da ni."

Wannan furucin shi ne ya fi komai amfani a taron, a ganina. Asirin da mai shi ya faɗa da bakinsa ya daina zama makami a hannun wani. Kuma alkawarin rashin tono baya shi ne ya ba sauran damar sakin jiki, da sharaɗin ta cika shi. Ranar da ta kuskura ta ce wa wata "ai na san halinki tun da", ta rushe shi gaba ɗaya.

Saura bashin ƙawa. Bashi ne na gaskiya, dare uku lokacin jinyar uwa ba abin mantawa ba ne. Ta biya shi da jikinta: ta ce za ta zo ta riƙe mata dutin yamma na washegarin Sallah, ranar da ita incaj take hutu, kuma ta rubuta musanyar a littafin kamar ta kowa. Ba wadda aka ɗora wa ƙarin aiki, ba kuma wadda za ta ce an yi a ɓoye. Ƙawar ta karɓa ba godiya. Abin da take so a nuna mata shi ne tana da matsayin da sauran ba su da shi, kuma wannan ne kaɗai abin da ba za a iya ba ta ba.

Bayan Sallah da mako biyu gwajin ya zo, kamar yadda yakan zo, kuma daga wadda aka fi kusa da ita. Ƙawar ta iso dutin safe tara saura, masu dare suna zaune da jakunkunansu a cinya tun takwas, ɗaya tana da yaro da za ta kai makaranta. Kowa ya yi shiru yana kallon incaj. Ba ta ce komai a wurin ba illa "a miƙa duti", domin gyara a gaban jama'a, balle a gaban majinyata, yana tilasta wa mutum ya kare mutuncinsa maimakon ya ji magana. Bayan zagaye ta kira ta ofis ta rufe ƙofa. Ta faɗi lokacin da ta iso, da wanda abin ya shafa, ta tambaye ta ko akwai matsala a gida. Amsar ita ce, "Yau ni kike wa wannan?" Ta ce, "Ke nake wa, don idan ban yi miki ba, ba ni da bakin yi wa kowa." Ta rubuta kwanan wata da abin da aka tattauna a littafinta, ta kuma gaya mata ta rubuta. A rajista an sa tara saura kwata. Sauran ba su ji abin da aka faɗa a ofis ba, amma sun ga an rufe ƙofa kuma sun ga rajista, wannan ya ishe su.

Matakan a jere suke, kuma tsallake ɗaya yana da tsada: magana a keɓe, sannan gargaɗi na biyu da ake shaida wa mutum cewa na gaba zai fita daga ɗakin nan, sannan rahoto a rubuce zuwa ga shugabar ma'aikatan jinya, inda takardar tuhuma ke iya fitowa ta shiga fayil ɗin mutum ta bi shi har lokacin ƙarin girma. Wanda ya fara da takarda ya harba harsashinsa na ƙarshe a kan tsuntsu. Wanda kuma bai taɓa rubuta komai ba, ranar da abin ya kai sama za a tambaye shi yaushe da yaushe, ya tsaya yana lalube, a ɗauke shi mai ƙulli.

Ta yaya za a bambance fushin da za a bari ya huce da wanda ba a bari? Ba a fuska ake dubawa ba, a takardun majinyata ake dubawa. Wadda ta rage fara'a, ta daina zama cin abinci tare, tana kiran ki "ranki ya daɗe" da wata irin murya, amma jadawalin magungunanta a cike yake, rahoton miƙa dutinta ba giɓi, wannan tana jimamin abin da ta rasa ne, kuma tana da haƙƙin yin hakan. A ƙyale ta, ba dole ba ne ma'aikaci ya so shugabansa. Alamar haɗari ita ce riƙe bayani. Likita ya canja magani a zagayen yamma ba a gaya miki ba sai kin ji a bakinsa washegari. Tukunyar iskar oksijin ta kusa ƙarewa, an gani, an yi shiru don a ga yadda za ki yi. Lissafin allurai masu ƙarfi irin su fetidin da ake kullewa a akwati bai daidaita da rajistarsa ba, kowa ya ce ba shi ya riƙe makulli ba. A nan rigimar ta tashi daga tsakaninku ta koma kan marar lafiyar da ke kwance, kuma ba a yi mata haƙurin wata uku. Ranar da aka gani ranar ake rubutawa a kai sama.

Kuma saman nan yana da nasa kason na laifi da na gyara. Naɗin da aka ji a bakin masinja kafin a ji daga ofis, wanda ba a kira wadda aka tsallake an yi mata bayani ido da ido ba, an riga an dasa masa rigima. Mafi muni shi ne shugabar da ke buɗe ƙofar baya: incaj ta hana hutu, a zagaya a same ta, ta bayar ta waya. Sau biyu aka yi haka, rostar bango ta zama ado. Abin da ya kamata sabuwar incaj ta nema tun makon farko shi ne a yi yarjejeniya cewa duk wanda ya kawo ƙorafin rosta za a saurare shi, amma a maido shi wurinta, ko a kira ta a yanke a gabanta. Idan ba ta samu wannan ba, duk dabarun da aka ambata a sama rabin aiki za su yi. Akwai kuma lokacin da babu abin da ke gyara zama sai a raba, a mayar da ɗaya wani ɗakin, kuma asibitocin da ke naɗa mutum incaj a ɗakin da ba nasa ba suna kauce wa yawancin wannan tun farko, ko da yake suna asarar sanin ɗakin da ɗan gida ke da shi.

A ɗakin da muke magana, ba a kai ga rabuwa ba. Wajen wata na biyar aka kawo nas ɗaya, mai hutun haihuwa ta dawo, masu tsira daga dare suka koma uku. Antin ta riƙe ɗalibanta, kuma ita ce ke fara duba rosta har yanzu. Ƙawar ba ta sake makara irin waccan ba. Suna gaisawa, suna cikin adashe ɗaya, ta zo sunan da aka yi a gidan incaj ta kawo turmin atamfa. Abincin rana dai kowacce a kwanonta take ci.